Kilo Hamsin a Magazan Alhaji Attahiru

Ranar Talata, wajen ƙarfe sha ɗaya, Jaje ya sunkuya zai ɗauki buhun siminti a saman mota, bai miƙe ba. Ya tsaya a lanƙwashe, hannu ɗaya a kan buhun, ɗaya a ƙugu. Mahamudu, wanda ke ƙasa da gammo a ka yana jiran a aza masa, ya ɗaga kai.

"Bappa, salla kaka yi ko mi?"

Sai da mutum huɗu suka sauko da Jaje a kan tabarma.

Magazan, wato ɗakin ajiyar simintin, na Alhaji Attahiru ne, a bakin kwalta wajen fita Ƙonni. Motoci na zuwa daga Malbaza da buhu ɗari shida shida, kowane buhu kilo hamsin. 'Yan dako goma ke sauke su. Takwas na jigila a ka daga mota zuwa ciki. Biyu na tsaye a saman mota suna cira buhu daga inda yake, su juya, su miƙa shi bakin mota, su ɗora a kan wanda ke ƙasa. Su ake kira masu aza.

Tun zamanin uban Alhaji ake bin tsari ɗaya: wanda ya manyanta, ko wanda ya taɓa jin ciwo, shi ake hawar wa sama. Ba ya tafiya, ba ya ɗaukar kaya a ka. Girmamawa ce. Hashimu, sarkin 'yan dakon, shi da kansa ya hawar da Jaje shekara biyu da suka wuce, lokacin da gwiwa ta fara damunsa. Jaje Bafulatani ne daga wajen Tsarnawa. Fari ya cinye masa shanu, ya shigo gari da ƙarfinsa. Shekara goma sha huɗu ke nan.

Ya yi mako uku a kwance. A asibiti aka ce ciwon a ƙasan baya yake, kuma yana taɓa jijiyar da ke sauka ƙafar hagu. Aka ba shi magani, aka ce ya riƙa tafiya kaɗan kaɗan, kada ya ɗauki nauyi. Ranar da ya dawo magaza yana jan ƙafa, Alhaji ya kira Hashimu buro, wato ofishinsa.

"Sarki, zauna."

Hashimu bai zauna ba.

"Jaje ya gama aiki nan," in ji Alhaji. "Ka hwaɗa mai da bakinka, ya hi jin naka."

"Mi ya yi, Alhaji?"

"Bara ban kawo malami ba? Yini guda yana koya muku ɗaukar kaya. Na sai muku ɗamara kowa da tashi. Jaje na nan zaune, ya sa hannu ga takarda. Wanda anka koya wa kuma ya ji ciwo, laihin wa?"

"Yana sanye da ɗamarar ranar da ya ji ciwon."

"To bai ɗauka yadda anka koya mai ba."

Alhaji ya jawo wata takarda. Wani kamfanin gine-gine ke sayen mafi yawan simintinsa, kuma kamfanin ba ya ƙulla ciniki sai da shaidar cewa an horar da masu ɗaukar kaya. Ta bara ta ƙare. Ranar Litinin za a kai sabuwa, da sunan kowa da dangwalen yatsansa.

"Gobe Alhamis wata malama za ta zo daga Yamai. Ku saurara, ku dangwala. Sunaye tara ne."

"Mu goma ne."

"Tara, Sarki."

Hashimu bai faɗa wa Jaje komai ba. Ya ce masa kawai ya zo gobe.

Malamar ta iso da safe. Sunanta Karima, ma'aikaciyar jinya ce da ta koma kula da lafiyar masu aiki. Ta shimfiɗa manyan hotuna a jikin bango, ta ajiye kwalin sabulu a ƙasa. Da ta yi gaisuwa Hashimu ya ji harshenta.

"Madam Bazabarma ce?"

"Ita ce. Kai fa?"

"Bagobiri. Ashe baiwata anka aiko ta koya mini aiki."

"Bawa dai ke magana," ta ce. "Zauna ƙasa, uwargijiyarka ta zo."

Wasan Gobirawa da Zabarmawa ne. Aka yi dariya, aka zauna. Jaje ya jingina da ƙofa a tsaye, don zama na ƙara masa zafi.

Ta nuna musu. A buɗe ƙafa. A durƙusa da gwiwa. A jawo kaya jikin ciki. A tashi a hankali, ba fizga. In za a juya, a juya da ƙafa, kada a murɗa ƙugu. Ta ɗaga kwalin, ta ajiye, ta sake ɗagawa.

"Madam," in ji Mahamudu, "mi ac cikin kwalin?"

"Ba komai."

"Haba! Shi ya sa ya hi namu ladabi."

Ta bar dariyar ta wuce. Hashimu ya tashi, ya shiga ciki, ya jawo buhun siminti ɗaya a ƙasa har gabanta.

"Ga namu. Nuna muna da shi."

Karima ta dubi buhun. Ba ta taɓa shi ba.

"Ba zan ɗaga ba."

"Don kina mace?"

"Ko ina namiji."

"To in tambaye ki, tsakaninki da Allah. Kilo nawa mutum ka ɗauka bai cuci bayanshi ba?"

Alhaji yana tsaye a ƙofar buro da waya a hannu. Karima ta dube shi, ta dubi Jaje, ta dubi takardar da ke cikin jakarta.

"Ba lamba ɗaya ba ce ga kowa," ta ce. "Amma masu binciken abin sun tsaya wajen kilo ashirin da uku zuwa ashirin da biyar. Shi ma sai in kayan na manne da jiki, yana daidai ƙugu, akwai wurin riƙo, ba juyi, kuma jefi-jefi ake ɗauka. In daga ƙasa ne, ya ragu. In da miƙa hannu, ya ragu. In da murɗa ƙugu, ya ƙara raguwa. In ana yi ba tsayawa, yana iya komawa ƙasa da goma."

"Wanga hamsin ne."

"Na iya karatu, Bagobiri."

"Bara an koya muna duk abin da kinka nuna. Mi ya sa bai tsare Bappa ba?"

"Don koyarwa ba ta rage wa buhu kilo ko ɗaya. An gwada a wurare da yawa, an bi mutanen da aka koya wa da waɗanda ba a koya wa ba, ciwon baya bai bambanta ba. Mutum na durƙusawa da kyau a buhu na farko da na goma. A na ɗari biyu, cinya ta gaji, direba na danna hon, sai baya ya karɓa. Kuma ko ka ɗaga daidai, nauyin ta bayan yake bi."

"Ɗamara hwa?" in ji Mahamudu yana shafa tasa.

"Tana riƙe wando."

Wannan karon Alhaji bai yi dariya ba.

"Madam, ba wanga na kira ki ki yi ba."

"An tambaye ni ne, Alhaji."

Kafin a ƙara magana mota ta shigo da baya tana huci. Alamin ne, direban da ya fi kowa gaggawa a hanyar Malbaza. Karima ta ce a sauke yadda aka saba, tana so ta gani. Mutum biyu suka hau. Ta tsaya da agogo a hannu, tana kallon sama, ba ta kallon masu jigila. Bayan minti goma ta kira Hashimu gefe.

"Wa ke hawa can kullum?"

"Manyanmu. Da wanda ya ji ciwo. Hutu ne."

"Hutu?" Ta nuna masa da yatsa. "Mai ɗauka a ka buhu nawa yake yi a mota ɗaya?"

"Saba'in da 'yan kai."

"Na sama fa?"

Hashimu ya fara lissafi da yatsu.

"Ɗari uku," ta ce. "Kowanne ya sunkuya, ya cira, ya murɗa, ya miƙa hannu nesa da jikinsa. Duk abin da na ce yana rage iyaka, a wurin nan ya taru. Ɗauka a ka ma ba lafiya ba ce, tana cin wuya. Amma can sama ne mafi muni a gidan nan, kuma can kuke kai tsofaffinku."

Hashimu ya daɗe yana kallon saman motar. Ya tuna ranar da ya ce wa Jaje, hau ka huta, Bappa. Ya tuna Zakariya'u da ya yi aza kafin Jaje, wanda yanzu ke sayar da goro a tasha yana dogara sanda. Kafin Zakariya'u akwai wani. Duk an ce tsufa ne.

"Ku sauko," ya ce.

Na sama suka dube shi.

"Na ce ku sauko!"

Alamin ya leƙo daga inuwar mota. "Sarki, lahiya? Ina da lodi na biyu yau."

"Lahiya lau. Karatu munka yi, za mu yi aiki da shi." Ya juya ga mutanensa. "Kowane buhu mutum biyu. A durƙusa, a tashi a hankali, a juya da ƙahwa. Ba mai ɗauka ga kai. Wanda ya gaji shi tsaya."

"Ko mutum biyu ba ninki suke ɗauka ba," in ji Karima. "Hamsin ya yi musu yawa in ana maimaitawa."

"Kun ji Madam. To a riƙa hutawa."

Motar da ake saukewa cikin awa biyu ta kai la'asar ba a yi rabi ba. Mahamudu yana durƙusawa da ladabi kamar mai gaida surukai, yana ce wa buhu, "Sannu, ranka shi daɗe, za mu tashi." Mota ta biyu ta iso ta tsaya a bakin kwalta. Alamin ya zagi buhu, ya zagi kwalin sabulu, ya tafi neman shayi.

Alhaji ya fito.

"Hashimu, wasa kaka yi da ni?"

"Kai ka ce wanda bai ɗauka yadda anka koya mai ba, laihinshi ne. Ga yadda anka koya muna."

"Tasha cike take da masu neman dako. In aika yanzu ashirin su zo."

"Aika, Alhaji. Su ma da baya guda guda anka haihe su. Amma takardar Litinin sunayenmu ag gare ta, kuma Madam mu ta koya wa." Ya juya ga Karima. "Baiwata, kina sa hannu ga wanda ba ki gani ba?"

"Ba na sawa."

"Mu kuma ba mu dangwala ba tukuna."

Alhaji ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya sunkuyar da kai.

"Mi kuke so? Ƙari?"

"Ƙari ba ya gyara baya. Madam, hwaɗa mai abin da ka gyarawa."

Karima ta taka zuwa ƙofar magaza. Daɓen ciki ya fi ƙasan waje tsawo da kamar gwiwa, saboda ruwan damina. Ta je ta tsaya jikin motar, ta auna da jikinta: gadon motar ya kai mata ƙirji.

"Abin da ya fi shi ne buhu ƙarami, ko injin ɗaukar kaya. Buhu ba a hannunka yake ba. Inji ka ce da tsada, na sani tun ba ka ce ba. Abin da ya rage shi ne a daina ɗagawa. A haƙa gangara a nan, mota ta shigo da baya ta sauka har gadonta ya yi daidai da daɓe. A shimfiɗa farantin ƙarfe. Amalanke mai ƙafar roba ya hau har cikin mota. Mutum biyu su zamo da buhu daga kan jeri zuwa kan amalanke, zamewa ba cira ba. A ciki kada jeri ya wuce kafaɗa. A riƙa canjin wuri kowane rabin awa. Na ƙasan jeri za su ci gaba da wahalar da ku, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma yawancin ɗagawar ta tafi."

"Rami a ƙohwar magazana? Damina ta zo in yi kiwon kihi?"

"A yi masa magudana zuwa kwalbati. Ga ta nan kusa."

"A'a," in ji Alhaji. Ya koma buro ya rufe ƙofa.

Jaje ya matso yana jan ƙafa.

"Sarki, na ga takardar. Ban iya boko ba, amma na iya ƙirga layi. Tara."

"Na sani, Bappa."

"Kada ku rasa abincinku sabili da ni. Ina da ɗiya a Dogarawa, sai in tahi wurinta."

"Ka tahi ka zauna gidan suruki? Kai?"

Jaje ya kau da kai.

"Ni na hawar da kai can," in ji Hashimu. "Na ce hutu ne. Ba don kai kaɗai nika yi ba. In ka tahi, wa ka hawa gobe? Ni ab babba bayanka."

Ranar Juma'a da safe suka zo da diga da shebur daga gidajensu, duk manoma ne kafin su zama 'yan dako. Mota ta farko an gama da ita da kyar, ta biyu na nan tsaye da lodinta. Hashimu ya ja layi biyu a ƙasa da tsinin diga, faɗin mota da ɗan rara, tun daga ƙofa har kusa da kwalta. Karima ta fasa komawa Yamai. Ta kawo igiya da awo, ta ce su yi ta karɓa-karɓa, kada su cika shebur, haƙa ma aikin baya ne. Aka ba Jaje igiyar ya riƙe.

Alhaji ya iso ya tarar da rami ya kai ƙauri. Ya tsaya a bakinsa.

"Wa ya ba ku izni?"

"Babu," in ji Hashimu. Bai daina sara ba.

"Hilina ne. In kira jandarma yanzu."

"Kira su. In sun zo sai mu ce mun ɓata maka ƙasa. Ga ta nan tsibi, ba mu ci ba, ana iya maida ta. Sai su tambaye mu dalili."

"Za ku maida ta da hannunku."

"In ka ce a maida, mu maida. Sannan mu sauke waccan mota yadda anka koya muna. Ta uku na tahe gobe."

Alhaji ya dubi motar da ke bakin kwalta. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, bai ɗauka ba. Ta sake yi. Ya juya ga Karima.

"Ke kin ga abin da kinka jawo mini."

"Bara ka sayi takarda da ɗamara, Alhaji, ka rasa mutum ɗaya. Wannan ramin ya fi su araha."

Bai ce e ba. Bai ce a'a ba. Ya tsallake tsibin ƙasar ya shiga buro. Bayan sallar Juma'a wani maƙeri ya zo a kan babur da awo a wuya, ya ce an aiko shi ya duba faɗin farantin ƙarfe. Ba wanda ya tambaye shi wa ya aiko shi.

Ranar Lahadi aka gama. An daɓe gangarar da tsakuwa, an tokare gefenta da bulo. Amalanke biyu na haya ne daga kasuwa. Direban mota ta biyu ya shigo da baya yana salati, ƙarfen bayan motar ya kusa taɓa ƙasa, gadonta ya tsaya sama da daɓe da kamar tafin hannu. Farantin ya rufe bambancin. Aka sauke ta cikin awa uku. Ya fi awa biyun da, kuma Alamin, wanda ya dawo da mota ta uku yana jira, ya faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da shi. Jerin ƙasa ya ba su wuya kamar yadda aka ce, sai suna tayar da buhu tsaye su biyu su kwantar da shi a kan amalanke. Ba wanda ya ɗora komai a ka.

Da yamma Alhaji ya fito da takardar da tawada, ya ajiye a kan benci.

"Kun samu raminku. Ku dangwala."

Hashimu ya ɗauka ya ba Karima. "Ƙirga mini, baiwata."

"Tara."

Ya mayar a kan bencin.

"Sarki, kada ka wuce gona da iri. Mutumen ga ba ya iya ɗaukar ko buta."

"Likita ya ce kada shi ɗauka. Bai ce kada shi yi aiki ba. Jeri na son mai tsare tsawonshi. Canji na son mai kira duk rabin awa, in ba haka ba samarin ga su manta. Faranti na son mai duba zamanshi kahin amalanke shi hau. In ƙahwar ta sake shi, shi tura amalanken da ba kaya. Aiki ne ko ba aiki ba?"

"Turawa da kaya sai likita ya yarda," in ji Karima.

"Kun ji."

Alhaji ya dubi Jaje. "Kai ba ka da baki?"

"Ina da shi, Alhaji. Shekara goma sha huɗu ban taɓa ce maka buhu ya yi nauyi ba. Yau na ce. Ya yi nauyi."

Mahamudu ya goge babban yatsansa a riga, ya ɗaga shi sama, ya mayar aljihu.

Alhaji ya zaro biro. Ya sunkuya a kan bencin ya rubuta layi na goma a ƙasan sauran, da ƙananan baƙaƙe, ya tura takardar.

Hashimu bai fara ba. Ya ɗauki tawadar da takardar ya ɗaga su daidai ƙirjin Jaje, don kada ya sunkuya. Jaje ya dangwala. Sauran suka bi layi.

Karima tana naɗe hotunanta Mahamudu ya miƙo mata kwalin sabulu.

"Madam, kin manta da malaminmu."

"Riƙe shi. Ka zuba ɗamarunku a ciki."

Washegari mota ta shigo tun da hantsi. Jaje yana tsaye a bakin gangara da tsohon agogon Hashimu a hannu, ƙafar hagu a ɗan ɗage. Har yanzu tana yi masa tsami, wataƙila ba za ta daina ba. Ya taka farantin, ya ga ya zauna, ya ɗaga hannu amalanke ya wuce. Da rabin awa ta cika ya buga sandarsa a jikin mota.

"Canji!"

"Saura buhu huɗu jerin shi ƙare, Bappa," in ji Mahamudu daga ciki.

"Na ce canji."

Mahamudu ya fito.